Wasiƙar Neman Aiki Daga Vom Zuwa Birtaniya: Yadda Ake Faɗin Maganar Biza

Tambaya: Ni likitan dabbobi ne, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Vom, kuma na saba da gwajin murar tsuntsaye da cututtukan awaki da tumaki. Ina aika wasiƙun neman aiki ta imel zuwa Birtaniya, amma shiru. Wani abokina ya ce kada in tayar da maganar biza sai an kira ni ganawa, domin tana korar masu ɗaukar aiki. In ɓoye ta ko in faɗa? Kuma yaya zan nuna musu cewa a shirye nake in tashi da iyalina?

Amsa: Shawarar abokinka ba za ta fisshe ka ba. Wanda ya buɗe wasiƙarka ya ga adireshin Jihar Filato da lambar waya mai farawa da +234 ya riga ya san maganar biza na nan tafe. Idan ba ka ambace ta ba, zai ɗauka ba ka san yadda tsarin yake ba, ya wuce zuwa na gaba. Ka faɗe ta da kanka, a sakin layi na biyu, a taƙaice.

Kafin ka rubuta komai, ka bambance izini iri biyu da mutane da yawa suke cakuɗawa. Na farko izinin hukumar shige da fice ne, wato bizar Skilled Worker. Ba a samun ta sai ma'aikata mai lasisin ɗaukar nauyin baƙi ta ba ka lambar da ake kira Certificate of Sponsorship. Na biyu izinin sana'a ne. A ƙarƙashin dokar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta 1966, ba ka da ikon duba dabba ko yi mata tiyata sai sunanka na cikin rajistar RCVS. Rajistarka da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ba ta tsaya maka a can, kuma mai digirin jami'o'inmu sai ya ci jarrabawar RCVS, bayan ya kawo shaidar Turanci ta IELTS ko OET.

Wannan bambancin shi ne zai nuna maka inda za ka aika wasiƙa. Idan asibitin dabbobi kake nema alhali ba ka ci jarrabawar ba, kusan aikin banza kake yi, komai kyan Turancinka. Amma aikin bincike a ɗakin gwaji sau da yawa ba ya bukatar rajistar, kuma nan ne ƙarfinka yake. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta faro tun 1924, ba baƙuwa ba ce ga masu aiki a kan cututtukan dabbobi a wurare irin su Cibiyar Pirbright da ke Surrey. Ka karanta sanarwar aikin da kyau. In ka ga an rubuta MRCVS cikin sharuɗɗan dole, to ba naka ba ne tukuna.

Sai kuma ka duba sunan ma'aikatar a jerin Register of licensed sponsors da gwamnatin Birtaniya take wallafawa a shafin gov.uk, kyauta. In babu sunanta, ba za ta iya ɗaukar nauyinka ba sai ta nemi lasisi, abin da ƙananan ma'aikatu ba su cika yi wa wanda ba su taɓa gani ba. Ka kuma dubi albashin. Daga watan Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi na gama-gari a wannan biza ya koma fam 41,700 a shekara. Akwai rangwame ga wasu, kamar masu digirin digirgir a fannin aikin, kuma adadin yana sauyawa, don haka ka tabbatar da shi a ranar da za ka aika.

Yanzu ga wasiƙar. A layin take ka sa sunan aikin da lambarsa kamar yadda suke a sanarwa, sannan sunanka. Sakin layi na farko na gwaninta ne, kuma ka ambaci abin da hannunka ya yi: wane gwaji, a kan wace cuta, shekara nawa. Na biyu, da Turanci mai sauƙi, ya ƙunshi wannan ma'ana: “Ni ɗan Najeriya ne, ina zaune a Vom kusa da Jos. A yanzu ba ni da izinin aiki a Birtaniya, zan bukaci ku ɗauki nauyina a bizar Skilled Worker. Na ga sunanku a jerin masu lasisi. Fasfona yana aiki har zuwa shekara kaza, kuma sakamakon jarrabawar Turancina yana hannu.” Shi ke nan. Ban da roƙo, ban da labarin tsadar rayuwa a gida. Mai karantawa lissafi yake yi, na kuɗi da na lokaci.

A fom ɗin neman aiki za ka ci karo da tambayar Do you have the right to work in the UK? Amsarka ita ce No. Bizar ziyara, ko da ta shekara biyar ce, ba izinin aiki ba ce. Wasu suna danna Yes don su tsallake matakin tacewa, amma doka ta wajabta wa ma'aikata ta bincika kafin ka fara aiki, kuma a nan ne ake janye tayin.

Maganar ƙaura kuwa, cewa “a shirye nake in koma ko'ina” ba ta gamsar da kowa, domin kowa haka yake rubutawa. Kwanan wata ne yake gamsarwa, kuma sai ka yi lissafinsa. A ce an ba ka aikin a farkon Maris. Ka duba wa'adin sanarwar ajiye aiki a takardar ɗaukarka, sannan in ka taɓa tafiya hutun karatu da albashi, ka tabbatar ko akwai sauran shekarun da ka sa hannu za ka yi, don wannan kan tsayar da ma'aikatan gwamnati a daidai ƙofar fita. Akwai gwajin tarin fuka, wanda dole ne ga mazaunin Najeriya mai neman zaman fiye da wata shida. Ba a karɓar na kowane asibiti, sai na waɗanda aka amince da su, irin cibiyar IOM da ke Abuja, kuma takardar wata shida take yi kafin ta mutu. Lambar ɗaukar nauyi sai an yi amfani da ita cikin wata uku da bayar da ita, hukuncin biza kuma yakan ɗauki kimanin mako uku bayan an ɗauki hoton yatsunka. In ka haɗa waɗannan ka bar ɗan rara, farkon Yuni magana ce ta gaskiya. To sai ka rubuta: “Zan iya fara aiki cikin makonni goma sha biyu daga ranar da kuka ba ni tayi, kuma na shirya zama a garin da aikin yake.” Ka ambaci sunan garin.

Iyali ba sai sun shiga wasiƙar farko ba. Amma kai ka yi lissafinka a gida, domin kowane mutum yana da kuɗin bizarsa, ga kuma harajin kiwon lafiya na fam 1,035 a shekara ga kowane babba, wanda ake biyan na dukan shekarun bizar a dunƙule tun farko. Tambayar wa zai biya me ta jira sai an yi maka tayi. Kuɗin Certificate of Sponsorship dai nauyin ma'aikata ne, kuma duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ya samo maka ita, ka rabu da shi.

A ƙasan wasiƙar ka faɗi lokutan da za ka iya ganawa ta bidiyo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da na Landan ɗaya ne, a sauran watannin muna gaba da awa ɗaya. Ka haɗa takardar tarihin aikinka kawai a matsayin PDF. Hoton fasfo da sauran takardun shaida su tsaya har sai ma'aikatar ta nema ta adireshinta na hukuma.