Matakin da 'yan wasa ke guje wa shi ne wurin gyara

Masu ƙera wasannin waya da kwamfuta sukan ɗauka cewa matakin da 'yan wasa suka fi faɗuwa shi ke korar su. Sau da yawa ba haka ba ne. Mutum zai faɗi sau goma ya sake gwadawa da murna, muddin ya ga inda ya kuskure. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne wanda ya shiga mataki, ya rufe wasan, har kwana bakwai bai dawo ba.

Ƙirgar ba ta buƙatar sanin kowa. Wasan zai ba kowace waya lambar da aka zaɓo da ka, sannan ya aiko da saƙo idan an fara mataki, idan an faɗi, idan an gama, da idan an fita, kowanne da lambar matakin, irin wayar da daƙiƙun da aka shafe. A ce mutum 1,000 sun shiga mataki na 2, 150 suka tafi. Mutum 200 suka kai na 7, 80 suka tafi. Ido zai fara kai wa 150, alhali kashi 15 cikin ɗari ne kawai, na 7 kuwa ya cinye kashi 40. Can za a fara duba. Idan waɗanda suka tafin sun gwada sau takwas ko tara, wahala ce ta yi yawa. Idan ba su faɗi ba amma sun daɗe suna kai da komo, hanya ce ta ɓace musu, kuma rage ƙarfin abokan gaba ba zai yi maganin komai ba. Idan kuwa saƙo ya yanke kwatsam a kan waya iri ɗaya, wasan ne ke mutuwa a hannunsu. A kula da masu wasa ba intanet: wajibi ne wasan ya adana saƙonninsu ya tura daga baya, in ba haka ba za a lissafa su cikin waɗanda suka gudu.

Wani zai ce lissafi ba ya faɗin dalili, kuma da gaskiyarsa. Kafin Halo 3 ya fito a 2007, kamfanin Bungie da masu gwajin Microsoft sun zana taswirar wuraren da 'yan wasa ke mutuwa, amma sun haɗa da kallon bidiyon yadda aka yi wasan. Kai ma ka zaunar da mutum biyar su buga mataki na 7 a gabanka, bakinka a rufe. Sannan ka gyara abu ɗaya tak, ka rubuta lambar sabuwar fitowar wasan a cikin saƙonnin, domin ka kwatanta da na da.

Masu tsoron leƙen asiri ma ba a raina damuwarsu ba, don lambar da ke bin waya ɗaya tana iya tona mai ita idan aka haɗa ta da wasu bayanai. Saboda haka kada a karɓi suna, lambar waya ko wurin zama, kada a ajiye adireshin intanet, a nemi izini tun farko, a bar maɓallin kashewa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da ta Tarayyar Turai duk suna buƙatar a karɓi abin da aikin ke buƙata kaɗai, kuma saƙonnin nan sun isa gano matakin da ke korar mutane.