Hutun da ke tsakanin aiki da aiki

Malama, kin ce ke nas ce a Tambuwal, kina sauka daga aikin yamma ƙarfe 9 na dare, ki koma ƙarfe 7 na safe, kina tambaya ko da matsala. Akwai. Awa 10 ne a takarda, amma cire hanya, girki, sallar Isha'i da tashin Asuba, barcin da zai rage bai fi awa 5 ba, alhali babba na bukatar 7. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta ajiye awa 11 a jere a matsayin mafi ƙarancin hutu.

Mai bashin barci ido na buɗe, hankali na ɗaukewa na 'yan daƙiƙu. A nan ake karanta 0.5 a matsayin 5 a takardar magani, ko a manta an riga an yi wa yaro allura. Za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, kuma shayi na wartsakarwa. Gaskiya ne, amma shayi yana ɓoye gajiya ne kawai, ba ya biyan bashin.

Ki roƙi shugabarku a jera aikin daga safe zuwa yamma zuwa dare, kada safe ya biyo yamma.