Fassarar Da'awar Ƙirƙira: Kada A Ƙara, Kada A Rage

Idan mutum ya ƙirƙiro wata sabuwar na'ura, hukuma takan ba shi takardar mallaka, wadda za ta hana wasu ƙera irinta ba da izninsa ba, yawanci har shekara 20. A ƙarshen takardar akwai waɗansu jimloli masu lamba da ake kira da'awa. Su ne ke nuna inda haƙƙinsa ya fara da inda ya tsaya, kamar iyakar gona. Malaminmu na Hausa ya koya mana fassara mai 'yanci, wadda ake bin ma'ana a gyara zance ya yi daɗi. To, ni a ganina irin wannan ba ta dace da da'awa ba, domin kalma ɗaya tana iya matsar da iyakar.

Bari in kawo misali. A shekarar 1986 aka fara sayar da wata na'urar tsige gashi mai suna Epilady. A cikinta akwai sifirin, wato waya naɗaɗɗiya, wanda aka lanƙwasa kamar baka, ƙaramin inji yana juya shi. A bayan bakan zobban sifirin suna buɗewa gashi ya shiga, a cikin bakan kuwa su matse su tsige shi. Da'awar ta ambaci sifirin naɗaɗɗe. Sai kamfanin Remington ya fito da tasa na'urar, wadda aka yi da sandar roba mai tsaga-tsaga, tana aiki iri ɗaya. A 1989 alƙali Hoffmann na Ingila ya ce sandar roba ba ta shiga cikin da'awar ba, amma kotun Jamus ta ce ta shiga. Daga baya, a 2017, Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta sassauta yadda ake duba irin wannan shari'a.

To, a ce an ba ni wannan da'awa in mayar da ita Hausa. Idan na rubuta “abu mai lanƙwasuwa” maimakon sifirin, na faɗaɗa ta, domin sandar roba ma tana lanƙwasuwa. Na ba mai ƙirƙira abin da bai nema ba, kuma da'awar da ta faɗaɗa tana iya haɗiye wata tsohuwar na'ura da aka riga aka sani, har kotu ta soke ta. Idan kuwa na rubuta “sifirin na baƙin ƙarfe”, alhali asalin bai faɗi irin ƙarfen ba, na ƙuntata ta. Wani zai ƙera nasa da tagulla ya ce bai taka iyakar kowa ba. Abin da ya dace shi ne in rubuta “sifirin naɗaɗɗe” in tsaya nan. Ko roba ta shiga ko ba ta shiga ba, wannan aikin alƙali ne.

Wuri na biyu da ake zamewa shi ne kalmar da ke gabatar da sassan na'ura. Turanci yana da kalmomi biyu a nan. Ɗaya tana barin ƙofa a buɗe, wato na'urar tana da waɗannan sassa, ko da an ƙara wasu a kai. Ɗayar tana rufe ƙofa. Ta farko sai in ce “na'ura wadda ta ƙunshi gida da inji da sifirin”. Ta biyu kuwa dole in ƙara “kawai”. Wanda ya sa “kawai” inda babu ita ya cuci mai ƙirƙira, domin ɓarawon fasaha zai ƙara fitila ɗaya a jikin na'urar ya kuɓuta.

Na uku, suna ɗaya ake riƙe wa kowane sashe. A insha'i an hana mu maimaita kalma, amma a nan wajibi ne. Idan na ce “sanda” a layin farko, na ce “ƙarfe” a na uku, mai karatu zai ɗauka sassa biyu ne.

Wannan ba wasa ba ne a wurin shari'a. Yarjejeniyar Turai kan mallakar ƙirƙira, wadda aka sa wa hannu a Munich a 1973, ta yarda ƙasa ta riƙi fassara a matsayin ta gaskiya idan ta fi asali ƙunci. Ke nan mai ƙirƙira ne zai ɗauki hasarar.

Ga gwajin da nake ba 'yan'uwana ɗalibai shawara su yi. In kun gama fassara, ku zana na'urori uku: mai sandar roba, mai sifirin tagulla, da mai ƙarin fitila. Ku tambayi asalin ko kowacce ta shiga iyaka, sa'an nan ku tambayi fassarar. In amsoshin sun saɓa ko da a kan guda ɗaya, to, iyaka ta motsa, sai a koma a nemo kalmar da ta motsa ta.