Yadda Ake Karanta Allurar Zafin Injin Mota

A gaban direba, kusa da allurar mai, akwai wata 'yar allura mai harafin C a gefe guda, H a ɗaya gefen. Zafin ruwan da ke zagaya cikin inji take nunawa, wato ruwan lagireto. C na nufin inji da sanyi, H kuwa, inda jan layi yake, na nufin zafi ya wuce kima. Wasu motocin lambobi suke sawa, kamar 50, 90 da 130, wasu kuma ba su da allurar sam, sai fitila: shuɗiya idan inji bai ɗumama ba, ja idan ya yi zafi.

Abin da za ka fara yi shi ne ka san mazaunin allurar motarka tun tana lafiya. Ka tayar da ita da safe, za ka ga allura kwance a kan C. Cikin minti biyar zuwa goma na tafiya za ta hau sannu a hankali, ta tsaya a tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan, ta zauna nan. A yawancin ƙananan motoci wannan wurin yana nufin ruwa ya kai wajen digiri 90, kuma daga 85 zuwa 105 duk lafiya ne. Kada ka ji 105 ka ce ai ruwa ya tafasa. Marfin lagireto yana matse ruwan a ciki, shi ya sa ba ya tafasa sai ya kai wajen 120. Don haka marfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki ya isa ya sa mota tafasa, alhali komai nata ƙalau.

Akwai abin da direbobi da yawa ba su sani ba. A motocin zamani an tsara allurar ta tsaya cak a tsakiya ko da zafin yana ɗan hawa yana sauka, don kada ta riƙa tayar wa mutum hankali. Ke nan duk ranar da ka ga ta bar mazauninta ta nufi H, zafin ya riga ya yi nisa, ba yanzu ya fara ba.

Idan ta fara hawa, ka kashe esi nan take. Ka kunna hita ka ƙure ta, ka sauke gilasai, domin hita tana jan zafi daga ruwan inji ta zubo shi cikin mota. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi wannan azaba ce, amma tana iya ba ka 'yan mintunan da za ka samu wurin tsayawa. In allura ta taɓa ja, ko ka ga tururi daga bonet, ka gangara gefe ka kashe inji, kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida. Kan injin yawancin motocin yau na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, gasket ya ƙone, aikin da fis ɗaya zai magance ya koma sauke kan inji.

Kada ka buɗe marfin lagireto da zafinsa. Ruwan da ke matse a ciki zai yi tsiri ya sale maka hannu da fuska. Ka jira aƙalla rabin awa, sai ka iya riƙe babban tiyon sama da hannu, ka ji ya yi laushi. Sannan ka sa tsumma mai kauri, ka murɗa marfin kaɗan iska ta fita, kafin ka cire shi. Kuma kada ka sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, yana iya tsagewa.

Kafin ka kira bakanike, ka tuna a wane hali allurar ta hau, domin rabin ganewar yana nan. Mu ɗauki Corolla da ta taso daga Zariya da rana tsaka. Duk tsawon hanya allura tana mazauninta, sai da aka shigo Kano aka faɗa gosulo ta fara ɗagawa, da hanya ta buɗe kuma ta koma. Me ya faru? A kan gudu iskar hanya ce ke ratsa lagireto tana sanyaya ruwa. A tsaye kuwa babu mai wannan aiki sai fanka. To, a bar motar ta huce, a tabbatar da ruwa cike, a tayar da ita a bar ta a sulo, bonet a buɗe, hannu nesa da fanka. Idan zafi ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 ya kamata fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci ta tsaya. A yawancin motoci kunna esi ma yana tayar da ita. In ba ta motsa ba, mai wayarin zai fara da fis, ya bi rile, ya duba na'urar da ke jin zafin ruwa, kafin a ce motar fankar ce ta mutu. Sau da yawa a fis ko rile maganar take ƙarewa.

Da a ce akasin haka ne, lafiya cikin gari amma tana zafi a kan gudu ko a hawa mai tsawo irin Hawan Kibo a hanyar Jos, to ruwa ne ya ragu ko lagireto ya toshe. Ruwan rijiya da na famfo da muke ɗura wa motoci suna barin tsatsa da farar ƙasa a 'yan siraran bututun ciki, shi ya sa kulant ya fi, yana hana tsatsa. Idan kuma allura ta harba sama 'yan mintuna bayan tayarwa, tiyon sama bai ɗumama ba, a zargi tamostat ya maƙale a rufe. A duba fambel ma, domin in ya tsinke a motar da shi ke juya famfon ruwa, ruwa ya daina zagayawa, kuma fitilar batir za ta kama.

Alamar da ta fi muni ita ce ruwa ya riƙa raguwa ba a ga inda yake zuba ba, salansa tana fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya ɗumama, ana ganin kumfa tana tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan gasket ne ya ƙone. Haka kuma in allura ta hau sama sannan ta faɗo da kanta, hita ta koma busa iska mai sanyi, kada ka yi murna. Mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare har na'urar ba ta taɓa komai sai iska.

Sai maganar cire tamostat, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu. Bakanike zai ce maka, "Yallaɓai, wannan na ƙasar sanyi ne," ya cire ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Ban yarda da wannan ba. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 80 zuwa 90, aikinsa ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya riƙe shi nan. In babu shi allura za ta riƙa kwanciya kusa da C a kan hanya, musamman da hunturu, mota ta ƙara shan mai, inji ya ci kansa da wuri, ainihin ciwon kuma yana nan ba a taɓa shi ba. In ya lalace a sa sabo, a mayar da fanka kan tsarinta, sannan ka duba ruwan motarka da safe kafin ka tayar, ko sau ɗaya ne a mako.