Yadda ake shuka alamu a labarin binciken kisa

Alama, a wannan fanni, ita ce duk wani abu da marubuci ya ajiye a cikin labari wanda, idan aka fahimce shi daidai, zai kai mai karatu ga wanda ya aikata laifin. Marubutan Ingila da Amurka na tsakanin yaƙoƙin duniya biyu sun ɗauki shuka alamu da muhimmancin da har suka gindaya masa dokoki. S. S. Van Dine ya fitar da ƙa'idoji 20 a 1928, shi kuma Ronald Knox, wanda limamin cocin Katolika ne da ke rubuta irin waɗannan labarai a gefe, ya fitar da nasa guda 10 a 1929, inda ya hana amfani da gubar da kimiyya ba ta san ta ba, da kuma fito da tagwaye kwatsam ba tare da an share fage ba. Abin da dokokin suka taru a kansa shi ne, duk abin da mai bincike ya gani dole mai karatu ma ya gan shi, abin da aka yarje wa marubuci ya ɓoye shi ne ma'anarsa kawai.

Ana fara aikin ne daga ƙarshe. Kafin a rubuta babi na farko, marubuci yakan zana jadawali biyu, ɗaya na abin da ya faru a zahiri, minti bayan minti, ɗayan kuma na abin da mai laifin yake so jama'a su ɗauka ya faru. Duk inda jadawalin biyu suka saɓa, a nan alama take, domin babu ƙaryar da ke rufe gaskiya ruf ba tare da wani gefe ya leƙo ba. Alamar da aka ƙirƙiro daga baya aka liƙa wa labari don kawai mai bincike ya sami abin kamawa, irin su maɓallin riga da ya faɗi kusa da gawa, takan fito fili tsirara, mai karatu ya gane ta nan take.

Matakin da ƙwarewa ke bayyana a cikinsa shi ne binne alamar, kuma babu misalin da ya fi littafin Agatha Christie na kisan Roger Ackroyd, wanda ya fito a 1926. Mai ba da labarin likita ne, Dakta Sheppard, wanda ke rakiyar mai bincike Hercule Poirot, kuma shi ne ya yi kisan. Wannan ya ɗaure hannun marubuciyar ƙwarai, domin ba ta da damar sa shi ya yi wa mai karatu ƙarya ko sau ɗaya, sai dai ya yi shiru a inda ya dace. Likitan ya faɗa da bakinsa cewa an kawo wa Ackroyd wata wasiƙa da ƙarfe 8:40 na dare, shi kuma ya bar ɗakin da 8:50, bai ce komai ba game da minti 10 da ke tsakani, waɗanda a cikinsu ne ya soke mutumin. Daga nan ya ambaci cewa agogon coci ya buga ƙarfe 9 daidai lokacin da ya isa ƙofar shiga harabar gidan. Sai can gaba, a wani babi dabam, ana maganar wani baƙo da aka gani a daren, aka ji cewa tafiya tsakanin gidan da wannan ƙofa minti 5 ce kawai. An raba alama ɗaya gida biyu ke nan, kowane rabi ba ya nufin komai shi kaɗai, kuma an ajiye na biyun a daidai lokacin da hankalin mai karatu yake kan wani mutum. Wanda ya haɗa su zai tambayi inda likitan ya kai ragowar minti 5, waɗanda a cikinsu ya zagaya ya shiga ta taga sanye da takalman wani, ya kulle ƙofa ta ciki, ya bar sawun da za a ɗora wa mai takalman.

Dabara ta biyu ita ce a ba alama wani aikin da zai rufe nata na gaskiya. Mutum biyu sun ji muryar Ackroyd da ƙarfe 9:30, aka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa yana raye a lokacin, wanda ya wanke likitan tunda yana gidansa. Amma kalmomin da aka ji ba irin na hira ba ne, irin na wasiƙar kasuwanci ne da ake shifta wa magatakarda, an kuma riga an ambata, tamkar abin da ba shi da amfani, cewa wakilin wani kamfanin na'urar naɗar murya ya ziyarci gidan a 'yan kwanakin baya. Hadimin gidan ya lura an janyo wata kujera daga jikin bango zuwa inda ba ta da dalilin zama, ashe na'urar take karewa daga idon mai shigowa. Hatta son da likitan yake yi wa kwance agogo da gyaran ƙananan injuna an nuna shi a matsayin ɗabi'ar mutumin ƙauye mai neman abin kashe lokaci, alhali shi ne ke bayyana yadda na'urar ta kunna kanta a lokacin da aka tsara. A nan ne sababbin marubuta suka fi tuntuɓe, domin tsoron kada a gano su yakan sa su ambaci alama da rabin jimla a tsakiyar dogon bayani, ta yadda ko an tuna wa mai karatu ita a ƙarshe ba zai tuna ya taɓa ganinta ba. Christie kuwa ta sa Poirot ya tsaya a kan kujerar nan yana nanata tambaya, tana da yaƙinin cewa ganin abu dabam, gane shi dabam.

Ɓad da sawu, wato alamun da ke jan zargi zuwa ga marasa laifi, shi ma yana da sharaɗi, wanda shi ne a biya bashin kowanne kafin labari ya ƙare. A littafin, Flora, 'yar ɗan'uwan mamacin, ta yi ƙaryar cewa ta ga Ackroyd da rai da 9:45 domin ta rufe satar fam 40 da ta yi, Ralph Paton kuma, mai takalman nan, yana ɓoye auren sirri da ya yi da wata mai aikin gidan. Kowannensu yana da dalilin ƙarya na ƙashin kansa wanda ya dace da halinsa. Idan aka sa mutum yana rawar jiki da kame-kame ba tare da an bayyana dalili daga baya ba, an yaudari mai karatu ne kai tsaye.

Saura gwaji. Ana bin babin warwara jimla bayan jimla, a rubuta lambar shafin da kowace hujja ta fara bayyana a gefenta, duk hujjar da ba ta da shafi sai a koma a shuka ta ko a cire ta. Sannan a ba wani daftarin ba tare da babin ƙarshe ba, a nemi ya faɗi mai laifin da hujjarsa, kamar yadda littattafan farko na Ellery Queen, tun daga 1929, suke dakatar da labari su ƙalubalanci mai karatu da cewa duk hujjojin sun riga sun iso hannunsa. Idan mai gwajin ya gano mai laifin tun tsakiyar littafi, rabi biyun alamar sun yi kusa da juna, sai a ƙara tazara. Idan kuma an faɗa masa amsar ya ce bai tuna da kujera ko agogo ba, an binne su da zurfi fiye da kima, sai a sake fito da su sau ɗaya ta bakin wani mutum dabam.