Gigin Baƙunta: Wane Littafi Ya Kamata Ɗalibi Ya Karanta Kafin Ya Tafi Karatu Waje?

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan makanta, wato ruɗewa da ƙuncin zuciyar da kan sami mutum idan ya sauka a ƙasar da al'adunta suka saɓa wa nasa. A wannan darasi za mu kira ta gigin baƙunta, domin ta yi kama da gigin barci: idon mutum biyu, amma bai san gabas ba balle yamma. An rubuta littattafai da dama a kanta, sai dai ɗalibin da ke shirin tafiya yana bukatar sanin abin da zai ɗauka a cikinsu da abin da zai bari.

Wanda ya fito da batun fili shi ne Kalervo Oberg, masanin al'adu haifaffen ƙasar Kanada. A shekarar 1954 ya yi wa wata ƙungiyar mata lacca a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil, aka kuma buga bayanin nasa a wata mujallar ilimi a 1960. A ganinsa, abin da ke gigita baƙo shi ne rasa ƙananan alamomin da ya saba dogara da su ba tare da ya lura ba: yadda ake gaisuwa, lokacin da ake miƙa hannu, yadda ake gane wasa da gaske. Ya kasa lamarin mataki huɗu. Da farko ɗoki, sai ƙunci da ganin laifin mutanen gari, sai farfaɗowa, daga ƙarshe sabo.

A tsakanin waɗannan shekaru, a 1955, Sverre Lysgaard ya yi nazarin mutanen ƙasar Norwe su 200 da suka je Amurka neman ilimi. Ya gano cewa waɗanda zamansu bai kai wata 6 ba, da waɗanda suka haura wata 18, sun fi na tsakiya jin daɗin zama. Daga nan aka samo zanen nan mai kama da harafin U, wanda ya cika littattafan ba da shawara: a fara a sama, a gangara, a sake hawa.

To, a nan ne mai karatu zai yi hattara. Lysgaard bai bi mutum ɗaya daga saukarsa har komawarsa ba. Ƙungiyoyi dabam-dabam ya kwatanta, sa'an nan aka haɗa su a zane ɗaya kamar tafiyar mutum guda. Wannan tamkar a auna tsawon 'yan aji ɗaya da na aji uku da na aji shida a rana guda, a ce an ga yadda yaro ke girma. Da Colleen Ward da abokan aikinta suka bi ɗaliban Japan a ƙasar New Zealand tun daga saukarsu har shekara guda, binciken da suka buga a 1998 ya nuna cewa damuwa ta fi tsanani a farkon zuwa, daga baya ta ragu. Ba su ga lokacin ɗokin da ake faɗa ba. Saboda haka ɗalibin da ya ji ƙunci tun makonsa na farko kada ya zaci ya fi kowa rauni, wanda kuma ya yi wata 8 lafiya kada ya zauna jiran gangara.

Littafin da ya fi tattara irin waɗannan bincike shi ne The Psychology of Culture Shock, na Ward da Stephen Bochner da Adrian Furnham, wanda ya fito a 2001. Littafi ne mai nauyi, ya fi dacewa da malamai, amma babban darasinsa mai sauƙi ne. Ya raba matsalar gida uku: abin da baƙo ke ji a ransa, abin da ya iya yi, da yadda yake kallon kansa da mutanen gari. Na biyun shi ne aka fi iya shiryawa tun daga gida, domin zama da mutane fasaha ce da ake koya kamar tuƙin mota. Wanda bai san dokar hanya ba ba mara lafiya ba ne, bai dai koya ba tukuna.

Bari mu ɗauki misali. A ce ɗalibi daga Kano ya sauka Ingila a watan Satumba. Ya kai wa malaminsa rubutu, malamin ya yaba, sa'an nan ya ƙara da cewa wataƙila zai so ya sake duba babi na biyu. Ɗalibin ya sunkuyar da kai cikin ladabi, bai yi tambaya ba, ya fita da murna. Kuskure biyu aka yi a nan. Shawarar nan mai laushi umarni ce, ma'anarta babin bai yi ba. Shi kuwa malamin, kau da ido da shirun da ɗalibin ya yi don girmamawa, yana iya ɗaukar su a matsayin rashin sha'awa. Bayan mako uku maki ya fito ƙasa, ɗalibin ya yanke cewa malamin fuska biyu gare shi. Zanen U ba zai taimake shi da komai ba. Abin da zai taimake shi shi ne littafi irin Watching the English na Kate Fox, wanda aka fara bugawa a 2004, inda ta bayyana yadda Ingilishi ke sassauta magana, da matsayin hirar yanayi a gaisuwarsu, da tsananin kiyaye layi. Da ya karanta, zai san ya tambaya a fili: wane sashe ne zan gyara, kuma zuwa yaushe? Mai tafiya Amurka yana da makamancinsa, American Ways na Gary Althen, wanda aka rubuta musamman domin baƙi.

Wanda yake son tushen lamarin sai ya nemi The Silent Language na Edward T. Hall, na 1959. Hall ya nuna cewa lokaci da tazarar da ke tsakanin masu hira su ma harshe ne. Inda ƙarfe 2 ke nufin ƙarfe 2 daidai, jinkirin minti 15 saƙo ne, ko da mai jinkirin bai yi niyyar aika shi ba.

Akwai tambayar da ya kamata a yi wa kowane littafi: don wa aka rubuta shi? Survival Kit for Overseas Living na L. Robert Kohls, wanda ya fito a 1979, yana da daɗin karantawa, amma Amurkawa masu fita waje yake yi wa magana. Shi ma Oberg, akasarin masu sauraronsa matan ma'aikata ne masu abin hannu. Irin waɗannan ba su cika taɓo ƙarancin guzuri ba, ko wariyar launin fata, ko neman abincin halal da wurin salla, ko hunturun da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba. Wani sashe na wannan giɓi ƙagaggun labarai ne suka cike shi. Second Class Citizen na Buchi Emecheta, na 1974, ya nuna wahalar neman ɗakin haya da rayuwar aure ta 'yar Nijeriya a Landan. Dokoki sun sauya tun lokacin, don haka a karanta shi don fahimtar zuciyar baƙo, kada a ɗauke shi jagoran yau. Ka'idojin biza da aiki kuwa, a wajen jami'a da ofishin jakadanci ake neman su, domin sukan canza kafin littafi ya tsufa.

Akwai kuma iyakar da littafi ba ya ƙetarawa. Kewar gida takan zo ta tafi, takan yi sauƙi idan an yi hira da aboki ko an ci abincin gida. Amma idan baƙin ciki ya zauna kusan kullum har mako 2 ko fiye, barci da cin abinci suka rikice, ɗalibi ya daina zuwa aji, to alamun sun wuce gigin baƙunta, suna iya zama ciwon damuwa. A nan sai a tafi wurin likita ko ofishin ba da shawara na jami'a, wanda yana da kyau ɗalibi ya san inda yake tun makon da ya yi rajista.