Yadda Sabon Malami Zai Nemi Babba Ya Riƙa Sa Shi a Hanya

A Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Ungogo, gidaje da yawa suna da ɗa ko 'ya da suka gama NCE a kwalejin Sa'adatu Rimi ta Kumbotso ko ta Bichi, aka tura su koyarwa firamare. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana karatu kyauta kuma dole, azuzuwa kuwa maƙil suke da yara. Takardar shaida ba ta koya wa mutum yadda zai tsaya gaban yara tamanin ya sa su yi shiru. Mai koya masa wannan yana nan cikin makarantar, tsohon malamin da ya shekara ashirin yana shaƙar ƙurar alli. Ga yadda za a tunkare shi ba tare da ya ji an ɗora masa kaya ba.

1. Kada ka fara da cewa ya zama ubangidanka. Niyyarka mai kyau ce, amma ka duba abin da zai faɗo masa a rai. A garinmu wanda ya amsa wannan ya amsa gudummawar suna da ta biki, da rance idan wata ya yi nisa, da shiga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma neman a canja maka makaranta. Shi ma albashi yake jira, yana da iyali da gona. Kunya za ta hana shi cewa a'a, sai ya ce "to", daga nan ya riƙa kauce maka. Ka roƙi abu guda ɗaya ƙarami, wanda zai iya hango farkonsa da ƙarshensa.

2. Ka san ainihin abin da ya gagare ka kafin ka buɗe baki. Nan ne mafi yawan matasa suke ɓata lamarin. "Malam, ka koya mini aiki" magana ce marar iyaka, ba wanda ya san ta inda zai kama ta. A ce an ba ka aji uku. Kiran rajista kaɗai yana cinye maka rabin darasin farko, yaran da ke zaune a baya ba sa jin muryarka, kuma da ka duba littattafansu sai ka tarar suna kwafe abin da ke allo tsaf amma ba sa iya karanta shi. Matsaloli uku ke nan, ka ɗauki ɗaya. Ni da zan zaɓa maka, ta karatun zan ɗauka, don yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali a aji uku ba zai ja wannan nauyin har aji shida.

Sai ka yi ɗan aikinka tukuna. Ka kira yara goma ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowa gajerun kalmomi biyar kamar "gida" da "rana", ka rubuta nawa ya karanta. Bayan gaisuwa ta cika, ka ce: "Malam, na lura yaran ajinka suna karatu da kansu. Nawa kuwa na gwada goma, uku ne suka iya. Ko za ka yarda in zauna a bayan ajinka ranar Talata in ga yadda kake darasin Hausa? Idan makon nan bai yi ba, duk ranar da ka ga dama." A cikin wannan ka nuna masa ka san aikinsa, ka nuna ka yi ƙoƙari, ba ka ƙara masa ko minti ɗaya a kan darasin da dama zai yi ba, kuma ka bar masa ƙofar fita. Wasu tsofaffin malamai ba sa son a zauna musu a aji, suna ganin kamar dubawa aka zo yi. Idan ka ga fuskarsa ta canja, ka juya roƙon: shi ya leƙo naka ajin na minti goma, ko ya duba maka shirin darasi guda ɗaya.

3. Ka duba lokacin shekara da na rana. Yawancin manyan malamanmu manoma ne. Daga saukar ruwa a watan Yuni zuwa noman fari da maimai, da an tashi makaranta hankalinsa yana kan gero da dawa da gyaɗa. Haka kuma da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba. Makon jarrabawa da na cike katin sakamako su ma ka bar shi ya sarara, haka kwanakin ƙarshen wata kafin albashi ya shigo, don yana iya zaton rance ka zo nema. Lokacin tara, sa'ad da yake zaune shi kaɗai a inuwa, ya fi dacewa. Kada ka yi maganar a tsakiyar malamai, domin amsar da aka bayar gaban jama'a ta kara ce.

4. Waya ba ta maye gurbin zuwa da ƙafa. Kada ka yi masa filashin, kada ka tura masa doguwar murya da dare.

5. Mutanen gida su san iyakarsu. Mahaifi yana iya zuwa ya gaida malamin, ya ce "ga yaronka nan, a riƙa yi masa faɗa", ya tsaya nan. Idan uba ne ya kai roƙon da kansa, ya zama abin da ba a iya ƙi, kuma abin da aka amsa dole ba ya ɗorewa. Kada kuma a tura kyauta kafin a yi roƙo, tana ɗaure baki. Kwanon wake ko gyaɗa bayan girbi, lokacin da an riga an saba, shi ne mutunci. Sabuwar malama ta fara neman babbar malama mace, Hajiya ko Anti kamar yadda ake kiranta a makarantar. Idan namiji ne kaɗai ya ƙware a abin da take nema, a yi komai a ofishin malamai cikin lokacin aiki, da sanin maigida ko mahaifi. Unguwa ce da kowa ya san kowa, kuma sunan mutum biyu ake karewa. Hedimasta ma a sanar da shi da kalma ɗaya, kada ya ji a bakin wani ya ɗauka an tsallake shi.

6. Ka koma da labari, kuma ka iya gane "a'a" ko ba a furta ta ba. Idan ya nuna maka ka raba yaran rukuni-rukuni, waɗanda suka iya su zauna cikin waɗanda ba su iya ba, ka gwada na mako biyu, ka sake gwada yaran nan goma, ka je ka faɗa masa sakamakon ko da ƙarin mutum ɗaya aka samu. Abin da bai yi aiki ba ma ka faɗa, cikin ladabi: "Malam, na gwada, amma hayaniya ta ƙaru, ko a ina na kuskure?" Daga irin wannan komawar ne wata rana shi da kansa zai ce ka riƙa kawo littafin darasinka duk Litinin. Amma idan sau biyu ka tuna masa ya ce "za mu duba" bai sa rana ba, ya ba ka amsa ke nan. Ka ci gaba da gaishe shi kamar da, kada ka kai ƙorafinsa wurin kowa, ka nemi wani malamin, ko a makarantarku ko a ta maƙwabta.